Noman naman kaza a kan kara da garin katako: wai shin zai yiwu a zafin Damagaram?

Kwana biyun nan bidiyoyi sun cika wayoyin mutane, ana nuna wani ɗaki cike da ledoji a rataye, naman kaza fari tas na fitowa ta gefensu kaman an dasa, mai maganar kuma yana cewa ba gona ba taki ba wahala, kara kawai da ruwa, cikin wata guda ka fara ƙirga kuɗi. A fadarmu ta Zango gardama ta kai har an kusa ɓatawa. Wani ya ce ai laimar kwaɗi ce aka sake ma suna, shi ba zai ci abin da ke tsirowa a gindin bola ba. Wani ya ce ƙarya ce ta masu neman mabiya. Na ukun kuma har ya fara lissafin saida babur ɗinsa ya shiga harkar. Ni da na ɓata ledoji sun fi talatin kafin in ga tsiro na farko, na ga ya kamata in zauna in warware abin yanda na fahimce shi, dan duka ukun akwai inda suka yi daidai akwai inda suka kauce.

Mene ne ma abin, kuma mi yake ci?

Da farko dai sunan na ruɗa mutane, naman kaza ba shi da haɗi da kaza ko kaɗan, shi ne abin da masu Faransanci ke ce ma shampinyo. Dangin laimar kwaɗi ne, wannan gaskiya ne, amma dangin nan faɗi gare shi, akwai na ci akwai mai kisa, kuma ba a rarrabe su da ido haka kawai ko da cewa ai akuya ta ci ba ta mutu ba. Shi ya sa maganar da nake yi duk a kan wanda ake nomawa ne daga irin da aka san asalinsa, na daji da ke fitowa da damina ba ruwana da shi, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗanɗana.

Wanda aka fi nomawa a kan kara shi ne wanda ake kira pilorot, mai fitowa tuli-tuli kaman kunnuwa a jere. Shi aka fi so dan ba shi da tsirfa, kusan duk busasshen abu na tsiro yana ci, kuma yana da sauri.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa shi ne wannan halitta ba tsiro ba ce irin hatsi ko dawa. Ba ta da ganye, ba ta cin hasken rana. Ainihin jikinta wani farin zare ne siriri kaman yanar gizo ko auduga, masana na ce mai misiliyom, ni dai farin zare nake kiransa. Zaren nan ne ke ratsa cikin kara yana narkar da shi yana ci. Abin da muke tsinka mu dafa kuwa kaman ɗan itace ne, sai zaren ya ci ya ƙoshi ya mamaye ko'ina sannan yake fiddo shi. Kenan aikin kashi biyu ne kuma buƙatunsu sun saɓa: lokacin da zaren ke yaɗuwa yana son rufi da duhu da kwanciyar hankali, lokacin da zai haihu kuma yana son iska da laima da ɗan haske. Mafi yawan waɗanda suka faɗi a nan suka faɗi, sun ba shi na biyu a lokacin na farko ko na farko a lokacin na biyu.

Sai kuma babban abin da bidiyoyin ba sa faɗa. Jiƙaƙƙen kara ba naman kaza kaɗai ke sonsa ba. Funfuna iri-iri da ƙwayoyin cuta suna nan a jikin karan da cikin iska da ƙarƙashin farcenka, kuma wasunsu sun fi shi sauri. Duk noman nan tsere ne, wanda ya riga cinye ledar shi ke da ita. Dafa kara, wanke hannu, yawan iri, duk dabarun ba naka zaren tazara ne kawai.

Iri: inda kuɗin mutane ke fara nutsewa

Abin da ake kira irin naman kaza ba ƙwaya ba ce da za ka shuka. Dawa ce ko hatsi ko alkama da aka dafa aka kashe duk wani abu mai rai a cikinta, sannan aka sa mata farin zaren ya mamaye ta a cikin kwalba ko leda. Kowace ƙwayar dawa ta zama kaman ɗan garwashi da za ka watsa cikin kara wuta ta kama ta ko'ina.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to tunda dawa ce mi zai hana in yi da kaina? Dalilin shi ne dawa abinci ce mai daɗi ga kowace ƙwayar cuta, kuma akwai waɗanda tafasasshen ruwa ba ya kashewa. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 ko ka ƙona itacen Damagaram duka. Ita kuwa dawar iri sai ta kai digiri 121 na tsawon kaman awa ɗaya da rabi, wanda sai da tukunyar matsi, kokot-minit ko irin babbar nan ta asibiti, sannan a zuba zaren a wuri mai tsafta sosai da iska ba ta kaɗawa. Ana iya koyo, amma ba da shi ake farawa ba. Mai farawa ya sayi iri.

In za ka saya ka duba da idonka. Iri mai kyau fari ne fat daga sama har ƙasa, ƙwayoyin sun manne da juna, in ka sunsuna ƙamshinsa kaman na ƙasa bayan ruwan farko. In ka ga tabo kore ko baƙi, ko ruwa ya kwanta a gindin kwalbar, ko yana tsami kaman kunun da ya kwana, ka bar musu kayansu ko da kyauta ne. Kuma abu ne mai rai, zafi na kashe shi. Ni karon farko daga nesa aka aiko min, aka jefa kwalin a but ɗin mota kusa da inji, ya wuni ya kwana a hanya cikin watan Afrilu. Da ya iso fari yake kaman lafiya lau, na zuba a leda goma sha biyu, sati biyu ko motsi bai yi ba, funfuna ta zo ta gaje wurin. Daga Yamai zuwa nan kusan kilomita 900 ne, daga Kano kuwa bai kai 300 ba, ko ta ina zai zo dai ka roƙi a riƙo maka shi a cikin mota inda mutane ke zaune, cikin kula da ɗan ƙanƙara a naɗe in da hali. In ya iso ka yi aiki da shi cikin kwanaki kaɗan, ko ka sa a firigo, banda wajen ƙanƙara.

Kuma ka tambayi mai saidawa wane kala ne. Pilorot ɗin da aka saba da shi a Turai sanyi yake so kafin ya haihu, a nan sai dai tsakiyar ɗari. Akwai masu jure ɗumi, kaman fari da ake kira filorida, da mai ruwan hoda wanda shi ɗan ƙasashen zafi ne, amma shi mai ruwan hodan irinsa ba ya son firigo, sanyi mai yawa na kashe shi. Mai saida irin da bai iya gaya maka kalar da yake saidawa ba, to shi ma saye ya yi bai sani ba.

Mu ɗauki kilo 10 na karan hatsi mu bi shi har ƙarshe

A bidiyon galibi tattakar shinkafa ko ta alkama suke nunawa, mu kuwa abin da muke da shi karan hatsi ne da na dawa. Suna yi, sai dai sun fi tauri. Ka nemi kara busasshe mai haske, wanda bai sha ruwan sama ba bai yi baƙi-baƙi ba, gara ba ta taɓa shi ba. Da kaka ya fi samuwa da araha, dan in rani ya yi nisa kai da masu kiwo za ku yi ta ja, kuma sun fi ka buƙata.

Ka sassare shi guntu-guntu kaman tsawon gaɓar yatsa biyu, santimita 3 zuwa 5, sannan ka ɗan daddaka shi a turmi ko ka bubbuga da kulki ya farfashe. Wannan aikin ne ya fi cin rai, ranar da na fara maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, ɗana lafiya kake daka kara, ko hatsin ne ya ƙare? Amma kar ka tsallake shi, dan bayan karan santsi gare shi, ruwa ba ya shiga zare ma ba ya kamawa sai an fasa, kuma dogayen kara masu tsini huda leda suke yi. Ka jiƙa shi ya kwana.

Washegari sai dafawa, amma ba dafawa irin ta wake ba. Ka ɗura karan a buhu, ka cika tano da ruwa ka hura wuta har ruwan ya kai tsakanin digiri 70 da 80, ka nutsa buhun ka danne da dutse, ka riƙe zafin nan awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kilo goma ba zai shiga tano ɗaya a tashi guda ba, sai ka yi sau biyu. Mutane na ganin ai in ya tafasa ya fi, to ba haka ba ne. Zafin 70 zuwa 80 na kashe funfuna da ƙwan ƙwari amma yana barin wasu ƙananan halittu marasa cutarwa da ke tsare wurin kafin zarenka ya kama. In ka tafasa shi ya yi lugub ka share fili ne tas, kuma ka fiddo da zaƙin karan waje, duk funfunar da ta fara faɗowa daga iska ba mai tare ta. Ma'aunin zafi na girki ba shi da tsada, ka saya, hannu ba ya auna wannan.

Wanda itace ya yi ma tsada akwai hanyar farar ƙasa, wato lasho ɗin da ake shafen gini da shi, garin wanda aka riga aka kashe da ruwa. Ana dama kaman giram 200 a lita 100 na ruwa, a nutsa karan awa 12 zuwa 18 ba wuta. Kaifin ruwan ne ke hana funfuna, shi kuwa pilorot yana jurewa. Tana aiki, amma ka sa safar hannu kuma ka kiyaye idonka.

Daga nan ka rataye buhun ya tsane ya huce. Gwajin ruwa da hannu ake yi: ka damƙi karan ka matse da ƙarfinka duka, in ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsunka to ya yi, in ruwa ya zubo shaaa to da saura, in kuma ko damshi bai taɓa tafinka ba ya bushe da yawa. Abin da ake nema kaman kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari na nauyin ya zama ruwa. Kilo goman nan naka yanzu ya koma kusan kilo 28 zuwa 30. Kuma sai ya huce sosai, ƙasa da digiri 30, ka cusa hannu can tsakiya ka ji ba ɗumi. Gaggawa a nan ta kashe iri da yawa.

Iri kuwa kashi 5 cikin ɗari na nauyin jiƙaƙƙen karan, wato kilo ɗaya da rabi. Littattafai na cewa kashi 2 ko 3 ma ya isa, gaskiya ne a wurin da ke da tsafta da sanyi, amma a ƙurarmu da zafinmu rowar iri asara ce, yawan irin ne ke sa zaren ya rufe ledar da wuri. Za ka samu leda goma masu kilo uku-uku, kowace giram 150 na iri. Ka rufe ƙofa da taga dan iska, ka goge tebur da ruwan jabel, ka wanke hannu ka shafa alkol, ka marmasa irin. Sai ka zuba kara kaman faɗin tafin hannu ka danna, ka barbaɗa iri musamman ta gefe-gefe, ka ƙara kara, haka har ta cika, iri a sama. Ka danna ta yi tauri amma ba kaman bulo ba. Ka ɗaure baki, ka ɗauki allura ko ƙusa siririya da ka goge da alkol ka yi ƴan huji kaman ashirin a jiki, da biyu-uku a gindi dan ruwan da zai taru ya fita. Zaren yana numfashi, in ka toshe shi ruf zai shaƙe. Leda fara mai nuna ciki ake so, dan ka riƙa ganin abin da ke faruwa.

Kar ka yi kwaɗayin babbar leda. Zaren in yana ci zafi yake fiddawa, cikin leda kan fi ɗakin zafi da digiri uku zuwa biyar, kuma iya girman ledar iya zafin tsakiyarta. A garin da ake sanyi wannan alheri ne, a Damagaram kuwa shi ne ajali.

Sati uku na haƙuri, da yanda ake gane an ci ko an sha kashi

Ka jera ledojin a kan katako ko ka rataye su a ɗaki mai duhu, kar su taɓa juna, kar su taɓa ƙasa saboda gara da kiyashi. Ba a ba su ruwa a wannan lokacin ko ɗigo. Zafin da zaren ya fi so digiri 24 zuwa 28 ne. Ya haura 30 ya fara jin jiki, in cikin leda ya wuce 35 yaɗuwa na tsayawa, wajen 40 kuwa mutuwa yake. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango irin na tsofaffin gidajen Birni ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano nesa ba kusa ba.

Kwana uku zuwa huɗu za ka ga kowace ƙwayar dawa ta yi farin gashi kewaye da ita. Kwana goma fararen wuraren sun fara haɗewa. Tsakanin kwana 15 da 25 ledar ta zama fara gaba ɗaya, in ka taɓa ta yi tauri kaman curin fura. Nan ne ka ci tseren.

In ba haka ba to ga abin da za ka gani. Wanda ya fi yawa shi ne kore, funfunar da ake kira tirikodarma, kuma munafuka ce dan da fari take farawa, fari mai haske fiye da na zarenka, sai bayan kwana biyu ta juye kore kaman an barbaɗa kuka. Da ta yi kore ta riga ta fara watsa ƙurarta. Kar ka buɗe ledar a cikin ɗakin wai ka gani, ka fitar da ita a rufe ka kai nesa ka binne. Sababinta galibi ɗaya cikin uku ne: karan bai ji zafi yanda ya kamata ba, ko ɗakin ya yi zafi zarenka ya raunana, ko iri ya yi kaɗan. In kuma ka ji wari mai tsami, karan ya yi duhu ya yi yauƙi a gindin leda zaren ya ƙi sauka wurin, ruwa ne ya yi yawa. Wani lokacin ma wata siririyar laimar kwaɗi ce za ta fito mai toka-toka, kwana ɗaya ta narke ta zama baƙin ruwa kaman tawada, ita ma alama ce ta cewa dafuwar ba ta yi ba. Ɗan ruwa rawaya da ke taruwa a jikin farin zare ba cuta ba ce, alamar wahala ce, yawanci zafi. A leda goma in ɗaya ko biyu sun lalace ba abin tashin hankali ba ne, in rabi suka tafi to ka tsaya ka binciki aikinka kafin ka sake sayen iri.

Haihuwa, wato inda iskar garinmu ke nuna hali

Da leda ta yi fari tas sai ka kai ta inda za ta haihu, ka ɗauki reza mai tsafta ka tsaga wuri huɗu zuwa shida, kowane kaman santimita 3. Kar ka yaye ledar duka yanda ake yi a wasu bidiyoyin, waɗancan a garuruwan da iskarsu ke jiƙe suke, a nan kwana biyu curin zai bushe ƙayau.

Yanzu abubuwa uku yake so lokaci guda: laima a iska kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari, sabuwar iska, da haske kaɗan irin wanda za ka iya karanta takarda da shi, ba rana kai tsaye ba. Matsalar ita ce biyun farko faɗa suke da juna. Ka buɗe taga iska ta shigo laima ta gudu, ka rufe laima ta zauna iska ta gurɓace. Kuma shi da kansa zai gaya maka wanne ya rasa. In ƙafarsa ta yi tsawo kan ya tsaya ɗan ƙarami kaman kan ashana ko ya murɗe, iska ce ta yi masa kaɗan. In ƴan tsiron suka fito suka yi rawaya suka ƙeƙashe tun suna ƙanana, ko bakin hular ya tsattsage, laima ce babu. In suka yi laushi suna yauƙi da tabo ruwan ƙasa, ka cika fesa musu ruwa a jiki.

Dabarar da ta yi min aiki ita ce ta randa. Kowa ya san yanda randa ke sanyaya ruwa dan tana tsatsafowa iska na busarwa. Na zuba yashi a ƙasan ɗakin kaurin yatsu huɗu ina jiƙa shi, na rataya buhunan algarara a taga da ƙofa ina jiƙa su, duk iskar da za ta shigo sai ta ratsa jiƙaƙƙen buhu, ta shigo da laima kuma ta rage zafi. A busasshiyar iska irin tamu wannan na sauke zafi sosai. Sai fesawa da ƴar fanfon feshi sau uku zuwa biyar a rana, a bango da iska, fanfon kuma ta zama sabuwa wadda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba. A bayan buhun ka sa gidan sauro, dan akwai ƙananan ƙudaje da ke yin ƙwai a tsagar ledar tsutsa ta cinye ciki. Amma fa a faɗi gaskiya, dabarar nan ruwa take sha, ɗan ƙaramin ɗakina da hunturu yakan shanye bido ɗaya zuwa biyu a rana, kuma duk ɗan Damagaram ya san mi ake nufi da bidon ruwa in fanfo ya ɗauke. Ka sa shi cikin lissafi tun farko.

Kwana uku zuwa bakwai bayan tsagawa za ka ga ƴan ƙurajen tsiro a bakin tsagar, cunkus. Daga nan saurinsu har mamaki yake ba mutum, kusan kullum sai sun ninka, kwana huɗu ko biyar sun isa tsinka. Lokacin tsinka shi ne tun bakin hular na ɗan lanƙwashe ƙasa, kafin ya miƙe ya juya sama. Ka kama tulin gaba ɗaya daga gindi ka murɗa ka cire, kar ka bar guntu dan ruɓewa yake. In ka bari suka tsufa suna sakin wata farar ƙura mai yawa, wadda in mutum na shaƙarta kullum a rufaffen ɗaki tana iya kawo tari da ciwon ƙirji, saboda haka kar a yi noman nan a ɗakin kwana, kuma a riƙa sa takunkumi.

Bayan tsinkar farko ledar na hutawa sati ɗaya zuwa biyu ta sake fitowa, sannan ta uku. Ta farko ce mai yawa, kusan rabin duk abin da za ka samu. Jimilla daga kilo goman nan na busasshen kara, in abu ya yi kyau, kilo 5 zuwa 8 na ɗanyen naman kaza cikin kaman wata biyu. Ƙwararru kan kai kilo goma, mai farawa in ya samu biyar ya gode Allah. Ragowar curin kuma taki ne mai kyau ga masu garka.

To garin katako fa?

Shi ma yana yi, amma hali daban. Garin katako abinci ne mai tauri mara maiƙo, sai an ƙara masa dusa, kaman kashi 80 gari, kashi 18 zuwa 19 dusa, kashi 1 zuwa 2 farar ƙasa. Dusar nan da ke ƙara amfani ita ce kuma ke kiran funfuna, shi ya sa tsomawa a ruwan zafi ba ta isa. Ana ɗura shi a ƙananan ledoji masu jure zafi na kilo ɗaya, a jera a tano a kan wani abu da zai ɗaga su sama da ruwa, a rufe a turara awa huɗu zuwa shida, su huce, sannan a zuba iri ta baki a toshe da auduga. Yaɗuwar na ɗaukar wata ɗaya zuwa kwana arba'in, amma yana daɗewa yana haihuwa fiye da kara. Abin tsoron shi ne garin da za ka kwaso wajen kafintoci, dan a gauraye yake, akwai na filawud mai gam, akwai na katakon da aka shafa ma maganin gara ko fenti, kuma abin da za a ci ne kake nomawa. In ba ka tabbatar da katakon da aka yanka ba ka tsaya a kara. Ni a ganina ma mai farawa ba shi da abin yi da garin katako sai ya yi zagaye biyu-uku na kara lafiya.

Wane lokaci, kuma wa zai saya?

A nan ne amsar tambayar farko take. Da bazara, Maris zuwa Yuni, lokacin da rana ke wuce digiri 40, wanda ba shi da ɗaki mai na'urar sanyi da kuran tsayayye ya haƙura kawai, buhu da yashi ba za su ceci pilorot a watan Mayu ba. Dama biyu muke da su. Ta ɗari, ka haɗa ledoji a Nuwamba ka yi ta tsinka Disamba zuwa farkon Fabrairu, zafi ya yi daidai kara ga shi sabo, yaƙinka da bushewar hunturu ne kawai. Sai ta tsakiyar damina, Yuli zuwa Satumba, laima kyauta ce amma funfuna da ƙudaje sun fi yawa, ga ɗumi, sai da kala mai jure zafi, kuma sai ka adana karanka tun kaka a inda ruwa ba ya taɓa shi.

Wanda ke shirin saida babur kuwa ga abin da na ce masa. Ɗanyen naman kaza kwana ɗaya zuwa biyu yake yi a waje, a firigo bai fi biyar zuwa bakwai ba, kuma in ka kai shi kasuwar Dole ka baza a tire yawancin masu wucewa tambayarka za su yi mi ne ne wannan, ba nawa ne ba. Masu sayensa a yanzu ƴan kaɗan ne, gidajen abinci da otal, baƙi, da waɗanda suka saba ci a wani wuri. Ka samu mai saye kafin ka jiƙa kara. Abin da ya rage ka yayyaga ka shanya a inuwa mai iska a rufe da gidan sauro, a nan kam hunturu abokinka ne, kwana biyu ya bushe, sai dai kilo goma ɗanye kilo ɗaya yake komawa, saboda haka farashin busasshe dole ya ninka sau goma kafin ka fita. Na ce ya fara da leda goma a Nuwamba mai zuwa, ya rubuta kuɗin iri da itace da leda da bidon ruwa, ya auna duk abin da ya tsinka a sikeli, babur ɗin kuma ya ci gaba da hawa abinsa. Na farkon da ya ce ba zai ci laimar kwaɗi ba, ranar da aka soya da albasa da tattasai aka kawo fada shi ya suɗe kwanon, har yanzu dai yana cewa shi bai yarda ba nama aka sa a ciki ba.